Yadda ɗalibin sakandare zai rubuta wa makarantar koyon tuƙin jirgin sama wasiƙar neman bayani

Duk shekara, da zarar an fara rajistar jarrabawar fita sakandare, sai na samu ɗalibi biyu ko uku sun biyo ni ofis da tambaya iri ɗaya: "Malam, ina son zama matuƙin jirgi, yaya zan rubuta musu?" Iyaye ma sukan tare ni a hanya da maganar. Mafi yawan wasiƙun da yaran ke kawo mini in duba layi uku ne: gaisuwa, sai "ina son shiga makarantarku", sai "nawa ne kuɗin?" Irin wannan wasiƙa ko dai a yi banza da ita, ko a amsa da lamba ɗaya wadda ba za ta gaya wa mahaifinka gaskiyar abin da zai kashe ba. Ga yadda nake sa su yi, mataki bayan mataki. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma 'yan mata ma da su nake, don ana ɗaukar su a wannan karatu kamar yadda ake ɗaukar maza.

1. Fara da idonka, kafin biro

Kafin ka rubuta komai, je asibitin ido a gwada maka abu biyu: ƙarfin gani da bambance launi. Gwajin launin ba ya cin minti biyar. Littafi ne mai shafuka cike da ɗigo-ɗigo masu launi, da lamba a ɓoye a tsakiya, ana kiransa Ishihara. Wanda ba ya rarrabe ja da kore ba zai ga wasu lambobin ba, kuma yara maza da yawa suna da wannan matsala ba su sani ba, don ba ta hana su komai a rayuwar yau da kullum. A jirgi kuwa fitilar fiffiken hagu ja ce, ta dama koriya ce, fitilun filin sauka ma da launi suke magana.

Sa tabarau ba ya hana mutum zama matuƙi. Abin da ake dubawa shi ne ko tabaran yana gyara ganin har ya kai ma'aunin da ake so a allon gwajin gani na asibitin ido: 6/9 a kowane ido shi kaɗai, 6/6 da idanu biyu tare. Idan kana da sikila, farfaɗiya, ciwon zuciya ko matsalar ji, a yi maganar da likita tun yanzu.

Hattara: wannan gwaji na asibitin gari don ka san matsayinka ne kawai. Takardar lafiyar da makaranta za ta karɓa sai wadda ta fito ta hannun likitan da Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ta amince da shi. Wanda zai yi tuƙi a matsayin sana'a yana buƙatar takarda mai daraja ta ɗaya, wadda ake rubutawa Class 1, kuma gwajinta ya haɗa da na zuciya da na ji. Kada ka biya kowa kuɗin "takardar lafiyar matuƙa" kafin makaranta ta faɗa maka inda za ka je.

2. San sunan abin da kake nema

Idan ka rubuta "ina son koyon tuƙin jirgi", ka bar mai karatu yana hasashe, domin lasisi hawa-hawa ne, kuma kowanne da farashinsa.

Na farko shi ne PPL, lasisin tuƙi na ƙashin kai. Ana ba wanda ya kai shekara 17, bayan aƙalla awa 40 a sama. Da shi za ka iya ɗaga jirgi, amma ba za a biya ka albashi a kai ba. Na biyu shi ne CPL, lasisin sana'a: shekara 18, da awa 200 a sama, ko awa 150 idan mutum ya bi cikakken kwas da hukuma ta amince da shi daga farko zuwa ƙarshe. A kan CPL ake ɗora izini biyu da kamfanonin jirage ke nema: IR, izinin tuƙi da na'urori kaɗai lokacin da ba a ganin ƙasa, da ME, izinin tuƙa jirgi mai inji fiye da ɗaya. Akwai ATPL can gaba, mai buƙatar shekara 21 da awa 1,500, amma wannan a bakin aiki ake tara awoyinsa, ba abin da za ka tambaya yanzu ba ne.

Saboda haka ɗalibin da burinsa aiki da kamfanin jirage abin da yake nema shi ne kwas daga tushe har zuwa CPL tare da IR da ME. Rubuta shi haka a wasiƙarka. Na taɓa ganin yaro ya zo da murna wai ya samu makaranta mai araha, rabin farashin sauran. Da muka zauna muka karanta takardar da kyau, ashe kuɗin PPL kaɗai aka lissafa masa.

3. Zaɓi inda wasiƙar za ta, da wanda zai karɓa

Ga ɗalibin Arewa, wuri mafi kusa shi ne Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka fi sani da NCAT. Ta gwamnatin tarayya ce, an kafa ta a 1964, kuma tana da filin jirginta a nan Zariya. Akwai kuma International Aviation College a Ilorin, da wasu makarantu masu zaman kansu. Wasu iyalan kan tura 'ya'yansu Afirka ta Kudu. Shawarata ka rubuta wa biyu ko uku, da tambayoyi iri ɗaya, domin sai ka jera amsoshi a gefen juna kake gane abin da ɗaya ta ɓoye.

Wasiƙar neman bayanin shiga ofishin rajistara take zuwa. Da Turanci a kanta za ka sa The Registrar, sai sunan makarantar a ƙasa. Kada ka aika wa shugaban makaranta kai tsaye wai don ta fi nauyi; zagaye za ta yi ta dawo ofishin rajistaran, ta ɓata mako guda a hanya. Adireshi kuma ka ɗauko shi daga shafin makarantar na ainihi ko daga sanarwar ɗaukar ɗalibai da ta buga da kanta.

Hattara: lambar waya da aka turo a zauren WhatsApp da sunan "jami'in ɗaukar ɗalibai" ba adireshin makaranta ba ce. Haka nan, tuƙin jirgin soja hanyarsa daban, ta NDA da rundunar sojin sama ake bi. Wannan wasiƙa ba za ta kai ka can ba.

4. Tattara bayananka a takarda ɗaya

Kafin ka fara tsara jimloli, rubuta waɗannan a gefe: cikakken sunanka, shekarunka, ajin da kake, darussan da kake ɗauka, jarrabawar da za ka zana da shekararta. Makarantun nan galibi suna neman kiredit biyar da suka haɗa da Turanci, Lissafi da Fiziks. Idan kana aji ɗaya ko biyu na babbar sakandare kuma ba ka ɗaukar Fiziks, wannan shi ne babban dalilin rubuta wasiƙar yanzu, tun ana iya sauya aji.

Duba kuma wani abu da ake rainawa: sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a takardar haihuwa, da NIN, da rajistar WAEC ko NECO. Mu nan mun saba, a wata takarda Muhammad, a wata Mohammed, a wata kuma an sa sunan unguwa a madadin na mahaifi. Lasisin matuƙi da fasfo ba sa yarda da haka. Gyara tun kana makaranta ya fi sauƙi.

5. Tambayoyin shiga

Kada su wuce biyar, kuma kowace ta zama wadda za a iya amsawa da layi ɗaya. Tambayi kiredit nawa ake nema da darussan da suka zama dole, da ko ana karɓar sakamakon zama biyu. Tambayi ko mai jiran sakamako zai iya cika fom. Tambayi mafi ƙarancin shekaru a ranar fara kwas. Tambayi ko ana buƙatar JAMB ga kwas ɗin tuƙi, ko kuwa makarantar tana da tata jarrabawar da ganawa, kuma a wane wata ake sayar da fom. Sai ta ƙarshe: a wane mataki ake gwajin lafiya, kuma wa ke biya.

Idan amsar wata tambaya tana rubuce ɓaro-ɓaro a shafin makarantar, cire ta. Ma'aikacin da ya ga ka tambayi abin da ke shafin farko zai ɗauka ba ka karanta komai ba.

6. Tambayoyin kuɗi

Nan ne wasiƙar take cin sunanta, kuma nan zan daɗe.

Ban kawo farashin kowace makaranta a nan ba da gangan. Maganar miliyoyin naira ake yi, goma-goma, kuma lambar ba ta tsayawa wuri ɗaya. Man jirgi da kayan gyara da inshora duk da dala ake auna su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Duk jerin farashin da wani ya turo maka ba tare da kwanan wata ba, ka ɗauke shi tarihi. Don haka tambayar farko ita ce: a ba ka jerin kuɗin wannan zangon a rubuce, da ranar da ya fara aiki.

Tambaya ta biyu ta fi kowace muhimmanci: awa nawa ne na tashi a cikin wannan kuɗi, kuma nawa ake biya a kowace awa da ta ƙaru? Awoyin da na ambata a sama mafi ƙaranci ne da doka ta yarda da shi. Ba kowa ne hannunsa ke faɗawa a kan lokaci ba. Wani sauka ce ke ba shi wahala, sai malami ya ƙi sakin sa ya tashi shi kaɗai har sai ya ƙara zagaye. Mu yi lissafin misali, da lambobin da na ƙirƙira don a ga yadda abin yake. A ce takardar makaranta ta lissafa awa 45 na matakin PPL, kai kuma sai da ka yi 60 kafin a gamsu da kai. Awa 15 ke nan a waje. In kowace awa naira 200,000 ce, an tashi da naira miliyan 3 da babu su a lissafin da mahaifinka ya yi. Idan kuwa makarantar da dala take caji, a ce dala 200 a awa, to dala 3,000 ce, kuma nauyinta a naira ya danganta da ranar da aka je canji. Makarantar da ta ce kuɗinta dunƙule ne, tambaye ta ko ƙarin awoyi na ciki, da iyakar da ta yanka.

Ta uku: me ke ciki, me ke waje? Jera su da sunansu don kada a amsa maka da "komai na ciki": karatun aji, awoyin na'urar kwaikwayon tuƙi, masauki, abinci, kayan sawa na makaranta, littattafai, abin sawa a kunne na magana da hasumiyar filin jirgi, gwajin lafiya, kuɗin jarrabawar NCAA da na fitar da lasisi, gwajin ƙwarewar Turanci na matuƙa, da kuɗin sake jarrabawa in an faɗi. Gwajin Turancin nan daban yake da kiredit ɗin WAEC. Na magana da saurare ne, kuma sai mutum ya kai mataki na 4 cikin 6.

Ta huɗu: yaya ake biya? Gaba ɗaya ko kashi-kashi? Idan farashi ya tashi ana tsakiyar kwas, ya shafi waɗanda suka riga suka shiga? Idan ɗalibi ya faɗi gwajin lafiya ko aka sallame shi bayan an biya, me ake mayarwa?

Ta biyar kamar ba ta kuɗi ba ce, amma ta kuɗi ce: wata nawa rukunin ƙarshe da ya gama ya ɗauka a zahiri? Ba abin da aka rubuta a takardar talla ba. Ɗalibi sabon shiga da ido yake tuƙi, yana kallon ƙasa da sararin gabansa, kuma ƙa'idar irin wannan tashi tana neman a iya hangen kusan kilomita 5. Duk wanda ya yi hunturu a Zariya ya san ranakun da hazo ke rufe gari har ba a ganin ƙarshen titi. Da damina kuma ga hadari. Ƙara da jirgin da ya shiga gyara, da yawan ɗaliban da ke layi a kan jirgi ɗaya. Kowane wata da aka ƙara, kuɗin ci da sha ne da na zirga-zirga, kuma hannun da ya kwana biyu bai taɓa jirgi ba yakan buƙaci awar maimaici. Shi ya sa nake sa yara su tambayi jirage nawa ne ke tashi a halin yanzu, ba nawa makarantar ta mallaka ba.

Hattara: CPL ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba. Kafin kamfani ya zaunar da kai a jirgi irin Boeing 737, sai ka yi horo na musamman a kan wannan samfurin, kuma kuɗinsa daban ne. Ba sai ka sa shi a wasiƙar ba, amma mahaifinka ya sani tun yanzu. In makarantar ta ƙasar waje ce, ƙara tambaya a kan biza da masauki, ka kuma sani cewa lasisin da ka samo sai ya bi ta hannun NCAA kafin ka yi aiki da shi a gida.

7. Rubuta ta, shafi ɗaya

Wasiƙar da Turanci za ta tafi, don da shi ake aiki a harkar jirage. Amma ina sa ɗalibaina su fara tsara ta da Hausa, domin wanda bai san abin da yake son tambaya da harshensa ba, Turanci ba zai gyara masa ba. Ga wadda muka tsara da wani ɗalibina ɗan aji uku, na cire sunansa da na makarantarsa:

> Zuwa ga Rajistara,
>
> Neman bayani a kan shiga kwas ɗin tuƙin jirgi da kuɗinsa
>
> Ni ɗalibi ne a ajin ƙarshe na sakandare, ɓangaren kimiyya. Shekaruna 17, kuma zan zana WAEC da NECO a bana, da Turanci, Lissafi da Fiziks a cikin darussana. Ina son shiga kwas daga tushe har zuwa CPL tare da IR da ME. Mahaifina ne zai ɗauki nauyin karatun, kuma ya nemi in samo bayani a rubuce. Ina roƙon a taimaka mini da amsar waɗannan:
>
> 1. Kiredit nawa ake nema, kuma ana karɓar zama biyu ko mai jiran sakamako?
> 2. Yaushe ake sayar da fom, kuma wace jarrabawa ake yi kafin ɗauka?
> 3. A wane mataki ake gwajin lafiya na Class 1, a ina, kuma wa ke biya?
> 4. Nawa ne kuɗin kwas ɗin a wannan zangon, kuma awa nawa na tashi ya ƙunsa?
> 5. Nawa ake biya a kowace awa da ta ƙaru?
> 6. Masauki, abinci, littattafai, kayan sawa da kuɗin jarrabawar NCAA suna ciki?
> 7. Ana iya biya kashi-kashi, kuma me ake mayarwa idan ɗalibi bai ci gwajin lafiya ba?
> 8. Wata nawa rukunin da ya gama kwanan nan ya ɗauka?
>
> Idan akwai takardar jerin kuɗi, zan yi farin cikin samun kwafinta. Na gode.

Lura da jimlar da ta ambaci mahaifinsa. Ita ce ke nuna wa mai karatu cewa akwai babba a bayan wasiƙar. In kawunka ne zai biya, ko kuna shirin neman tallafin gwamnatin jiha, faɗi haka, ka ƙara tambayar ko makarantar tana ba da takardar da za a kai wa hukumar tallafin karatu.

Lura kuma da abin da babu: babu labarin yadda yake kallon jirgi tun yana yaro, babu kirari ga rajistara, babu roƙon ragi. Lokacin roƙo bai yi ba, ba a ma san ka ba tukuna. Idan ka mayar da ita Turanci, adireshinka da kwanan wata a sama, na makaranta a ƙasa da shi, ka buɗe da Dear Sir/Madam, ka rufe da Yours faithfully, sa hannu, cikakken suna, lambar waya. Kai ta wurin malamin Turanci ya gyara nahawu, amma kada ka bari ya cika ta da manyan kalmomin da ba za ka iya maimaitawa ba in an kira ka a waya.

8. Aikawa

In ta imel ce, buɗe adireshi mai sunanka na gaskiya, ba laƙabin da abokai ke kiran ka da shi ba. Rubuta wasiƙar a cikin saƙon kansa, kada ka ɗauki hoton takarda ka liƙa, kuma kada ka bar layin take babu komai. In ta hannu ce, buga kwafi biyu a shagon kwamfuta, ka miƙa ɗaya, ka roƙi a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a ɗayan. Wanda ke Zariya ko Kaduna, zuwa da ƙafa tare da wani babba ya fi, domin za ka ga wurin da idonka, wataƙila ma ka haɗu da ɗalibin da ke ciki ka tambaye shi yaushe rabonsa da tashi.

Hattara: kada ka haɗa da lambar NIN, hoton fasfo ko kwafin takardunka. Bayani kake nema, ba fom kake cikewa ba.

9. Bayan an aika

Ba su mako biyu. In shiru, sake tura saƙon nan dai da layi ɗaya a sama mai tuna ranar da ka fara aikawa. In an ƙara mako ba labari, mahaifinka ko malaminka ya kira lambar ofis.

Idan amsa ta zo, ɗauki biro ka bi tambayoyinka takwas ɗaya bayan ɗaya, ka yi alama a wadda aka amsa da lamba ko kwanan wata. Wadda aka tsallake, musamman ta 5 da ta 7 da ta 8, sake tambaya cikin ladabi; su ne aka fi zamewa. Duba kuma daga wane adireshi amsar ta fito, ko shi ne wanda ka aika wa.

Hattara: makarantar gwamnatin tarayya ta Remita ake biyan ta, da lambar biya da ake kira RRR, kuɗin ya shiga asusun gwamnati. Makaranta mai zaman kanta kuma asusunta da sunan makarantar yake. Duk amsar da ta zo da lambar asusun wani mutum, ko ta ce gurbi biyu ya rage a tura kuɗin riƙe wuri kafin gobe, ajiye ta, ka kira makarantar ta lambar da ke shafinta ka karanta musu abin da aka turo maka.

Amsoshin da suka tabbata, buga su a takarda, ka ja layi a tsakiyar wani shafi, makaranta ɗaya a dama, ɗaya a hagu: jimillar kuɗi, awoyin da ke ciki, kuɗin ƙarin awa, abin da ke waje, watannin da rukunin baya ya yi. A ƙasan kowace ka ƙara kuɗin awa 15 na ko-ta-kwana, sannan ka kai wa Baba.